Na auna linki ya nuna sifili, amma kuɗin Gwaggo sun tafi

Salamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, gidanmu Garin Malam, kuma ni ne ake kawo ma waya in ta samu matsala. Sati biyu da suka wuce aka turo wani linki a gurup ɗin danginmu na Watsap, wai ana rajistar tallafin jaka hamsin ga mata masu ƙaramar sana'a. Gwaggona mai saida ƙuli da man gyaɗa ta ce in duba mata ko na gaskiya ne. Na sa shi a VirusTotal, shafin da ake auna linki, ya nuna 0, duk kore, na ce mata ta cika ba komai. Ta sa lambarta da kodinta na sirri, kafin magariba an kwashe jaka 35 na jarinta. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, shafin da nake duba sakamakon jarabawa shi ne wayata ke cewa "Votre connexion n'est pas privée", alhali na gaskiya ne. To wanne zan yarda da shi? Ga linkin nan na haɗo maka.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar ma Gwaggo da alheri, kai kuma ka daina cin kanka, don abin da ka yi ya fi na mutum goma da za su danna kawai su ce Allah ya tsare. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai kuskure a wajenka, kuma ɗaya ne tak: ka karanta sifilin nan a matsayin shaida, alhali shi ba shaida ba ne, shiru ne kawai.

Ka koma ka duba abin da ke rubuce kusa da koren da'irar nan. Cewa yake "No security vendors flagged this URL as malicious", wato babu wani kamfanin tsaro da ya sa ma wannan adireshin alamar mugunta. Bai ce an bincika an same shi da gaskiya ba. VirusTotal shi kansa ba alƙali ba ne, dillali ne. Wani kamfanin Sipaniya ne ya kafa shi a 2004, Google ta saye shi a 2012, aikinsa shi ne ya ɗauki adireshin da ka ba shi ya zagaya da shi wajen kamfanonin tsaro casa'in da wani abu, ya ce ma kowa, kun san wannan? Mafi yawansu kuma abin da suke yi shi ne su buɗe littafinsu na sunayen ɓarayin da aka riga aka kama su duba. In sunan ba ya ciki su ce ba mu da komai a kansa. Da ka gangara ƙasa kaɗan za ka ga wasu sun rubuta Clean, wasu da yawa kuma Unrated suka rubuta, ma'ana ba su ma taɓa ba shi wani matsayi ba, amma duk da haka lissafin sama sifili zai nuna maka. Ka ɗauka baƙo ne ya sauka tasha yau da safe, ka bi ƴan Kasuwar Dole rumfa rumfa kana tambaya ko ya taɓa cin kuɗin wani, kowa zai ce a'a, kuma ba ƙarya suka yi ba. Jiya ba ya garin.

Kuma masu wannan sana'ar sun san haka sarai, shi ya sa ba su daɗewa da suna ɗaya. Google da kanta ta faɗa a 2024 cewa a matsakaici mugun shafi bai kai minti 10 a raye ba kafin ya ɓace ko ya canza wuri. Na irin namu da ake yaɗawa a Watsap sukan fi haka daɗewa, don masu kai ƙararsu kaɗan ne, kamfanonin tsaron nan suna Turai da Amurka da Asiya, shafin da aka rubuta da Faransanci don matan Zinder da Maradi ba shi ne zai fara faɗo musu a ido ba. Wannan kuma ya ƙara lalata amfanin sifilin a wajenmu.

Na ɗauki linkin da ka turo na bi shi yadda nake bi, bari in gaya maka daki daki don nan ne darasin yake. Abu na farko, ban danna ba. Na ɗora yatsa a kansa na riƙe har ya kwafu, na buɗe Chrome na rubuta virustotal.com da hannuna, na shiga wajen da aka rubuta URL na manna. Na san ka yi wannan. Abin da nake zargin ba ka duba ba shi ne Last Analysis Date da ke gefe, wato yaushe aka yi awon da ake nuna maka. In wani ya riga ka sa linkin, tsohon sakamakonsa ake fito maka da shi, ko da na kwana biyar ne. Da na sa, tsohon awo ya fito, mai yiwuwa ma naka ne, sifili. Na danna Reanalyze na jira kamar minti ɗaya, sai ga kamfani shida sun yi ja, huɗu sun rubuta Phishing, wato tarkon satar bayanan sirri, biyu Malicious. Linki ɗaya, shafi ɗaya, bambancin kawai kwanakin da suka wuce da mutanen da aka cuta a tsakani har ƙara ta kai.

Na biyu, linkin naka gajere ne, irin na bit.ly ɗin nan. Gajeren linki riga ce, ba ka ganin wanda ke ciki. Na bit.ly yana da wata dabara, in ka manna shi a Chrome ka ƙara alamar + a ƙarshensa kafin ka tura, zai nuna maka inda zai kai ka ba tare da ya kai ka ba. A VirusTotal kuma ka shiga Details ka nemi Final URL, nan ne masauƙin ƙarshe. Ga siffar abin da na gani, na canza wutsiyarsa don kar wani mai ƙaiƙayin yatsa ya gwada:

```
https://aide-femmes.gouv.ne.inscription-rapide.example/form
```

Kallo ɗaya za ka ga gouv.ne ka ce ai na gwamnati ne, kuma don haka aka dasa shi a wurin. Amma adireshi ba daga hagu ake karanta mai shi ba. Ka wuce https:// ka tafi har sandar farko mai karkata, wannan / ɗin, ka tsaya, sai ka dawo baya. Abin da ke manne da sandar shi ne sunan gidan, a nan inscription-rapide da wutsiyarsa. Duk abin da ke gabansa, aide-femmes da gouv da ne, rubutu ne da mai gidan ya yi a ƙofarsa, kuma yana iya rubuta abin da ya ga dama, ko fadar Sarkin Damagaram ya rubuta ba mai hana shi. Shafin gwamnatin Nijar na gaskiya gouv.ne ɗinsa ne ke zuwa ƙarshe daf da sandar, ba abin da ke shiga tsakaninsu. Wannan karatun ba ya cin mega ko ɗaya kuma da shi kaɗai da an tsira.

Na uku shi ne wanda na fi so, don ɓarawo yana iya ɓoye kusan komai amma wannan yana ba shi wahala: shekarun gidan. Ka cire sunan gidan kaɗai, ba dukan linkin ba, ka sa a wajen Search na VirusTotal, zai nuna maka Creation Date, ranar da aka yi rajistar sunan. Naka an yi shi kwana huɗu kafin ranar da ka ce an turo shi a gurup. Hukuma ko ƙungiyar da za ta raba ma dubban mata jaka hamsin hamsin, a ce shafinta kwanansa huɗu a duniya? Ni a ƙa'idata duk sunan da bai kai wata uku ba kuma yana neman lamba ko kodi, na gama da shi, ko kamfani ɗari sun yi kore. Sai dai kar ka juya maganar, tsohon suna ba ya wanke shafi, don ana fasa shafin mutanen kirki a rakuɓa fom ɗin sata a wani lungu nasa, ana kuma gina shi a kan wuraren da ake ba kowa shafi kyauta, inda sunan gidan na babban kamfani ne mai shekaru.

Akwai kuma urlscan.io, shi aikinsa daban ne. Maimakon ya tambayi kamfanoni, shiga yake yi shafin da kansa daga can wajensu ya ɗauko maka hoton abin da ya gani, kamar ka aiki yaro ya leƙo ya dawo ya ba ka labari. Da na sa naku, hoton da ya dawo da shi farin shafi ne da ƴan kalmomi cewa ana gyara. Wannan ma kar ya ruɗe ka. Shafi yana iya gane daga wace ƙasa mai shigowa yake da kuma irin na'urar da ya zo da ita, sai ya nuna ma wayar Android da ke kan rezon Nijar fom ɗin sata, ya nuna ma na'urar bincike da ke Turai farin allo. Saboda haka in dangi suna cewa sun ga fom da tuta da hoton mata suna murmushi, mai leƙe kuma ya dawo da wani abu daban, to wannan saɓanin shi kansa amsa ce. Mai gaskiya fuska ɗaya gare shi ga kowa.

Tunda na ambaci urlscan.io dole in ja maka kunne a kan wani abu, don na ga ka fara zama mai awon unguwa. Ba kowane linki ake sa wa a waɗannan wuraren ba. Abin da ka sa a VirusTotal yana shiga hannun kamfanonin tsaro da masu bincike, shi kuma urlscan.io yana da Public da Unlisted da Private, in ka bar shi a Public duk duniya na iya gani har da hoton shafin. A 2022 wasu masu bincike a Jamus sun nuna cewa a cikin abubuwan da aka sa a fili akwai linkin canza kalmar sirri da na takardun mutane. Don haka linkin da aka yi dominka kai kaɗai, kamar na canza kalmar sirrin imel, ko na takarda a Google Drive, ko na gayyatar shiga gurup, kar ka manna shi duka. Ka ɗauki sunan gidan kawai ka auna. Wasu ma sau ɗaya suke aiki, in mai leƙe ya shiga ya cinye, kai ka zo ka tarar ya mutu.

Yanzu maganar gargaɗin da waya ke yi, nan ne mutane ke cakuɗa abu biyu da ba su haɗa hanya ba. Akwai jan allo, ja wur, mai cewa "Site dangereux" ko "Dangerous site" in wayar da Turancin Ingilishi take. Wannan daga Google Safe Browsing yake, littafin ɓarayi ne na Google, Chrome na aiki da shi, Firefox da Safari ma haka. In ka ga wannan ba shawara, ka koma baya. Akwai ɗan rubutu a ƙasa da ke ba ka damar ka shiga duk da haka, ka yi kamar ba ka gan shi ba. Yana yin kuskure jefi jefi, amma in ya yi kuskure asararka ita ce ba ka ga shafi ba yau, in kai ka yi kuskure kuwa ka riga ka ga yadda take kasancewa. Ka ga inda ja da kore suka bambanta kenan, ja yana nufin wani ya gani ya kai ƙara, kore yana nufin ba a ji komai ba tukuna. Haka ma a VirusTotal, in kamfani ɗaya tak da ba a san shi ba ya yi ja a kan tsohon shafi sananne, yana iya zama ƙararrawar banza, amma uku ko huɗu suna cewa Phishing a kan sabon suna, magana ta ƙare.

Wanda kai kake gani a shafin jarabawa wani abu ne daban. Wannan ba cewa yake an kama shafin da sata ba, cewa yake takardar shaidar da ke kulle hanya tsakaninka da shafin tana da matsala. Ka duba ƙasan rubutun akwai wani ɗan layi da manyan baƙaƙe. In ka ga wannan:

```
NET::ERR_CERT_DATE_INVALID
```

to maganar kwanan wata ce, ko dai takardar shafin ta ƙare masu kula da shi ba su sabunta ba, abin da ke yawan faruwa da shafukan ma'aikatu da makarantu, ko kuma agogon wayarka ne ya ɓace. Kwanaki wani dattijo maƙwabcinmu a Birni ya kawo mini wayarsa ransa a ɓace, wai an yi masa kutse, duk shafin da ya buɗe gargaɗi. Na karɓa na ja allon ƙasa, sai na ga wayar na cewa muna watan Janairun wata shekara da ta daɗe da wucewa, ashe batir ne ya mutu ƙurmus lokacin da aka yi kwana biyu ba wuta, da ta tashi ta koma ranar da aka ƙera ta. Na sa kwanan wata ya riƙa saita kansa, shi kenan, ya tafi yana sa mini albarka kamar na yi wani aiki. Alamar ita ce, in duk shafuka ne ke yi to wayarka ce, in ɗaya ne kawai to nasu ne. In kuma ka ga ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID ko ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, wato sunan da ke takardar bai dace da shafin ba ko ba a san wanda ya ba da ita ba, wannan ya fi nauyi, musamman in kana kan wifin da ba naka ba. Ni dai a kowane hali in wannan gargaɗin na nan ba na rubuta kalmar sirri, in duba jerin sunaye ne kawai kuma na tabbata adireshin da na saba ne, wannan da sauƙi.

Shafin da ya cuci Gwaggo kuwa ba zai taɓa nuna wannan gargaɗin ba, don takardarsa lafiya lau take, https ɗinsa cas. Takardar nan kyauta ake samunta cikin ƴan mintuna, ɓarawo ma yana da ita. Abin da take tabbatarwa kawai shi ne ba mai leƙen abin da ka rubuta a hanya, zai isa hannun mai shafin a rufe, ko da mai shafin shi ne ɓarawon. Saboda mutane na ɗaukar hoton kwaɗon nan a matsayin shaidar amana ne ma Chrome ta cire shi daga gefen adireshi a 2023.

Abu ɗaya da za ka yi yau a wayarka da ta Gwaggo in ta yarda ta ba ka: ka shiga Chrome, ɗigo ukun nan na sama, Paramètres, sai Confidentialité et sécurité, sai Navigation sécurisée, ka tabbata ba a kan Aucune protection take ba. In ka zaɓi Protection renforcée ya fi saurin kama sabbin shafuka, farashinsa shi ne Google na ganin ƙarin bayani a kan inda kake shiga, ni ga mutum irin Gwaggo na ga cinikin ya yi. Ka duba kuma wace burauza ce ke buɗewa in an danna linki a Watsap, don wayoyin da muke saye da yawa suna zuwa da tasu, ka mayar da ita Chrome tunda ita ka saita.

Da a ce ka tsaya kusa da ita lokacin da take cikawa, akwai wurin da ba ka buƙatar wata na'ura. Mai ba ka kuɗi lambarka kawai yake bukata. Kodin sirri na fitar da kuɗi ne, ba na shigo da su ba, haka ma lambobin nan da ke zuwa ta SMS. Duk fom ɗin da ya nemi ɗayansu ya faɗi sunansa da bakinsa. Haka wanda ya ce sai ka tura ma gurup biyar kafin rajistarka ta kammala, ko ya sauko maka da wani fayil mai ƙarewa da .apk ya ce ka girka. Wannan na ƙarshen ka tambaye ta ko ya faru, in ya faru a cire shi kafin komai, don irinsu na iya karanta saƙonnin da ke shigowa.

Game da Gwaggo kuma, kar ka je mata da bayanin Creation Date, ba shi take son ji ba. Ka je da yamma bayan ta sauke suya, ka durƙusa ka ce Gwaggo ni na ce ki cika, na duba ban duba da kyau ba, ki yafe mini. Ba kai ka sata ba, amma da bakinka ta dogara, kuma tsofaffi sun fi jin zafin a yi musu wayo da bayani fiye da asarar kanta. Gobe da safe ka ɗauke ta a moto ku je ajans ɗin kamfanin da take ajiye kuɗinta a waya, ta riƙo katinta na shaida, a canza kodin, a fitar muku da bayanin lambar da kuɗin suka tafi da lokacin, ku kai komisariya da hoton saƙon da linkin. Kar ka yi mata alkawarin za su dawo, galibi kafin a ankara an riga an cire su. In kana da hali ko jaka biyar biyar ne ka riƙa sa mata a jarin, ba a matsayin biyan bashi ba, kai ma ka san yadda ake yi.

Sannan gurup ɗin. Linkin yana nan zaune a ciki, kuma na tabbata wanda ya turo shi bai san komai ba, shi ma turo masa aka yi, don haka kar ka kama sunansa. Ka yi saƙon murya da Hausa, don rabin matan gurup ɗin ba za su karanta rubutu ba, ka ce linkin tallafin nan na ɓarayi ne, duk wadda ta sa kodinta ta canza shi yau ko da ba a taɓa mata komai ba, sannan ka roƙi mai kula da gurup ya goge saƙon. Ka kuma shiga shafin kai ƙara na Google, safebrowsing.google.com/safebrowsing/report_phish, ka manna dogon adireshin, ba gajeren ba, minti biyu ne, ta irin wannan hanyar ce jan allon ke samun sunayen da yake tare mutane da su. Wanda za su turo wata mai zuwa da sabon suna zai zo, wataƙila na tallafin azumi ko na ɗaukar ma'aikata, in ya shigo ka turo mini mu bi shi tare.